Sharhi a Kan Haɗa Masara da Wake a Ƙasar Adar: Me Wake Yake Bar wa Gona?

Akwai wata magana da ta yaɗu a bakin malaman gona da masu shirye-shiryen rediyo, har ta kai ga manoman Afala da sauran garuruwan arewacin Tawa, cewa wanda ya shuka wake a tsakanin masararsa ko hatsinsa ya huta da sayen takin zamani, domin wai wake shi ne takin talaka. Maganar tana da asali na gaskiya, kuma masana sun tabbatar da shi fiye da shekara ɗari da suka wuce; amma kamar yadda yakan faru ga kowace mas'ala da aka ɗauko hukuncinta aka bar sharuɗɗanta a baya, ta zama sanadin ruɗani, har wani ya gwada shekara guda, ya ga masara ta yi ɗorawa kamar yadda ta saba, ya yanke cewa zancen duk tatsuniya ce. Manufar wannan sharhi ita ce a warware abin da wake yake yi a haƙiƙa, da lokacin da fa'idarsa take isa ga hatsi, da kuma hanyoyin da take zurarewa ba a sani ba.

Ma'anar kalmomi

Abin da ake kira naitirojin, wanda malaman gona na Nijar suka fi sani da sunan azot, sinadari ne da tsiro yake gina ganyensa da ƙwayarsa da shi. Idan ya yi ƙaranci, alamarsa ba ta ɓuya a jikin masara: ganyen ƙasa ne yake fara yin ɗorawa, daga tsininsa ya bi jijiyar tsakiya, kara ya sirance, goyo ya fito ƙarami. Shi ne abin da manomi yake saye idan ya sayi yuriya, farin takin nan mai kama da sukari, wanda kashi 46 cikin 100 na nauyinsa naitirojin ne. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Abin mamaki kuwa shi ne iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 nata wannan sinadari ne, sai dai Allah bai ba masara da hatsi da dawa ikon ɗibarsa daga iska ba.

Wake da gyaɗa da gujiya da waken suya, har da itacen gawo, su aka ba wannan baiwa, kuma ba da ƙarfin kansu ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, masana suna kiransu rizobiya, da suke shiga saiwar wake su sa ta yi ƴan ƙuraje. A cikin ƙurajen nan suke zama, wake yana ciyar da su daga abincin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, su kuma suna kama naitirojin na iska suna mayar da shi abin da wake zai iya sha. Wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka bayyana wannan a 1886, sa'an nan a 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Beijerinck ya ware ƙwayar kanta. Idan an ce wake a nan, waken gida ake nufi, wanda Nijar take ta biyu a duniya wajen nomansa bayan Nijeriya. Wancan waken da ake haɗawa da masara a Meziko da tsaunukan Kenya wani jinsi ne dabam, ba ya jure zafin Adar, kuma ko a ƙasashensa bai kai namu kama naitirojin ba.

Matsayin masara a arewacin Adar

Wajibi ne a faɗi gaskiya tun da farko, cewa masara baƙuwa ce a jigawar Afala. Ruwan da yake sauka a wannan yanki galibi tsakanin milimita 300 ne zuwa 400 a shekara, daga ƙarshen Yuni ko cikin Yuli zuwa tsakiyar Satumba, alhali masara tana son 500 ko fiye, kuma ba ta yafe fari na kwana goma idan ya same ta tana fitar da geza. Saboda haka gurbinta a nan bai wuce bayan gida inda toka da kashin dabbobi suka taru ba, ko gefen tabki, ko fadama inda ake ban ruwa, irin su kwarin Taddis kusa da Tawa da gonakin ban ruwa na Galmi da Ƙonni can kudu. A tudu kuwa, abokin wake na asali hatsi ne, wato gero. Duk hukuncin da za a kawo a nan ya hau kan su biyun, illa dai masara ta fi hatsi ci nesa ba kusa ba: kafin ta ba da tan guda na tsaba, sai ta sha wajen kilo 20 zuwa 25 na naitirojin.

Haɗa shuka kuma ba sabon ilimi ba ne da aka kawo wa Bahaushe. A shekarun 1960, lokacin da ake ganin noman zalla shi ne wayewa, wani mai bincike a Samaru ta Zariya, David Norman, ya bi gonakin ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi yana auna aiki da amfani, ya tarar cewa manoman da suke gauraya shuka suna da hujja: abin da gonar take bayarwa gaba ɗaya ya fi, kuma idan shekara ta ɓaci ba a rasa komai da komai. Sai dai a lura, hujjarsu ta tsaron ciki ce da harawar dabbobi. Batun gyaran ƙasa daga baya aka ɗora shi.

Inda ruɗanin yake

Mutane da yawa sun ɗauka cewa wake yana tsiyaya taki daga saiwarsa, masarar da take gefensa tana sha a damina guda. Abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne wannan tsiyaya kaɗan ce ƙwarai, ba ta isa a dogara da ita ba. Wake don kansa yake kama naitirojin: yana kai shi ganye, idan ya yi fure ya kwashe mafi yawansa zuwa ƙwaya. Ƙasa ba ta samun rabonta sai bayan mutuwarsa, lokacin da saiwa da ƙuraje da ganyen da ya kaɗe suka ruɓe, kuma a Adar, inda ƙasa take bushewa ƙamas daga Oktoba, ruɓewar ba ta kankama sai ruwan baɗi ya sauka. Ke nan waken bana, hatsin baɗi yake yi wa hidima. Abin da maƙwabcinsa na bana yake samu shi ne sauƙin kishiya, domin wake bai cika yi masa rububin ɗan naitirojin da yake ƙasa ba, sa'an nan inuwarsa tana rufe ƙasa ta danne ciyawa.

Har wannan gado na baɗi ma yana da sharaɗi, kuma lissafi ya fi dogon bayani fito da shi. Ƙwayar wake tana ɗauke da naitirojin kusan kilo 4 a cikin kowane kilo 100, harawa kuwa wajen kilo 2. Mu ƙaddara gona ce mai hekta guda a tudun Afala, an shuka hatsi taki ɗaya-ɗaya, an yafa wake jefi-jefi a tsakani kamar yadda aka saba, ya ba da kilo 100 na ƙwaya da kilo 300 na harawa. Naitirojin da yake jikinsa duka kilo 10 ne, huɗu a ƙwaya, shida a harawa. Mu ƙaddara kuma kashi biyu cikin uku daga iska ya zo, wato wajen kilo 7, sauran ukun daga ƙasa. To, idan an roro waken an kai gida, an tumɓuke harawa an naɗe ta an ɗora a kan rumfa, daga bisani ta tafi kasuwar Tawa wajen masu kiwon ragunan Layya, sai a ga kilo goman nan duk sun bar gonar: bakwai na iska sun tafi, sun kuma ja uku na ƙasa sun tafi da su. Abin da ya rage sai saiwa da ɗan ganyen da ya zuba, wanda da ƙyar ya biya wannan bashi. Irin wannan gona ba ta ƙaru da komai ba, ko da an shekara ashirin ana haɗa shuka a cikinta.

Yanzu mu sauya ƙaddarawa. An cika waken, an kula da shi, ya ba da kilo 500 na ƙwaya da kilo 1,200 na harawa. Ƙwaya ta ɗauki wajen kilo 19, harawa 24, jimla 43, daga ciki wajen 29 na iska ne. Idan ƙwaya kaɗai aka fitar, harawa ta koma ƙasa, gona ta ci ribar kilo 10, ban da abin da yake cikin saiwa; wannan kuwa daidai yake da yuriya kilo 22, bai cika rabin buhu ba. Idan an sayar da harawar, ribar ta juye ta zama hasarar kilo 14. Ga mai masarar fadama da yake fatan tan biyu, wanda buƙatarsa ta kai kilo 40 zuwa 50, ribar nan taimako ce mai daraja, amma ba ta ɗauke masa taki ba. Waɗannan adadi misali ne don a ga yadda mizanin yake karkata, kowane manomi yana iya sa nasa a gurbinsu. Abin da ba ya sauyawa shi ne makomar harawa ita ce take yanke hukunci.

Saɓanin ra'ayi a kan harawa

A nan ne masana ƙasa da manoma suka rabu. Na farko suna cewa a bar harawa a gona. Na biyu suna amsawa da cewa wanda ya bar ta a fili daga kaka zuwa bazara ya yi sadaka ce ga dabbobin da ake saki bayan girbi, da gara, da iskar hunturu. Kuma a shekarar da ruwa ya ɗauke kafin wake ya yi ƴaƴa, harawar ce kaɗai kuɗin da gonar ta haifa. A ganin mai wannan sharhi, manoma sun fi kusa da daidai, kuma shawarar da ba ta lissafa tunkiya da akuya ba, ba za ta zauna a Adar ba. Mafita ita ce naitirojin ya koma gona ta cikin dabba. Sai dai nan ma akwai ɓaraka da ba a cika lura da ita ba: babban rabo na naitirojin da dabba take fitarwa yana cikin fitsari ne, kuma fitsarin da ya zuba a turke a rana tsaka, warin nan da yake tashi shi ne takin yana komawa iska. Shimfiɗa kara ko ƙaiƙayi a turke ya tsotse shi, da tara takin a rami cikin inuwa, da zuba shi a gindin shuka ko cikin ramukan tassa maimakon watsa shi tun rani ya yi wata uku rana tana dukansa, su ne suke rage wannan asara. Tassa kuwa sananniya ce a wannan jiha, tun da manoman Illela da Badagishiri suka karɓe ta a ƙarshen shekarun 1980 suka farfaɗo da fako da ita. Ko a lokacin cire harawa akwai bambanci tsakanin wanda ya yanke ta daga gindi da wanda ya tumɓuke: na biyun ya fitar da saiwa da ƙurajenta, wato ɗan gadon da ya rage.

Sharaɗin da ake mantawa: fosfat

Wake ba ya kama naitirojin yadda ya kamata sai ya sami wani sinadari da ake kira fosfat, wanda yake ƙarfafa saiwa da ƙuraje. Binciken cibiyar ICRISAT da take Sadore kusa da Yamai, tare da INRAN, hukumar binciken noma ta Nijar da aka kafa a 1975, ya nuna cewa a yashin Sahel ƙarancin fosfat yakan riga ƙarancin naitirojin hana shuka. Daga nan aka fito da dabarar ɗan taki a gurbi: giram 6 na takin 15-15-15, ko giram 2 na takin DAP, a kowane ramin hatsi lokacin shuka, wanda a gona mai rami 10,000 ya kama kilo 60 na farkon ko kilo 20 na biyun. Ke nan wanda yake da kuɗin buhu guda tak, kuma burinsa wake ya yi masa aiki, mai fosfat ya kamata ya saya kafin yuriya. Yawan yuriya a gindin wake ma illa ce, domin idan ya sami naitirojin a sauƙaƙe sai ya rage yin ƙuraje, ya koma ci daga ƙasa kamar kowa.

Wani abin takaici shi ne jihar Tawa kanta tana da dutsen fosfat a arewacin birnin, an taɓa niƙa shi ana sayarwa, gwaje-gwaje kuma sun nuna yana da amfani. Amma garinsa mai laushi iska take kwashewa wajen watsawa, aikinsa kuma a hankali yake bayyana, shi ya sa bai sami karɓuwar da ta dace da shi ba.

Manomi yana iya tabbatar wa kansa ko wakensa yana aiki, ba sai ya jira kowa ba. Bayan mako biyar ko shida da shuka, ko lokacin da fure ya fara, sai ya haƙo gindi biyu ko uku da ƙasarsu, kada ya fizge, ya wanke saiwar a hankali, ya fasa ƙurajen da farce. Idan cikinsu ja ne ko ruwan hoda, suna aiki. Idan fari ne, ba su fara ba ko ba su da amfani. Idan kore ne ko baƙi, sun tsufa. Ƙurjin kirki a gefen saiwa yake maƙale, yatsa yana ɓalle shi. Idan kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, wannan cuta ce ta wata ƴar tsutsa da take yawa a lambunan da aka daɗe ana tumatir. Galibin ƙasashenmu suna da rizobiyar da ta dace da waken gida, saboda haka rashin ƙuraje ya fi nuna yunwar fosfat, ko fari, ko ruwa da ya kwanta a fadama ya hana saiwa numfashi.

Tsarin shuka: gauraye ko jere

Idan adadin wake shi ne yake kawo riba, to tsarin gargajiya yana da naƙasa, domin ƴan gindin da aka yafa a ƙarƙashin hatsi, mako biyu ko uku bayan shukarsa, inuwa take danne su. Masara ta fi hatsi muni a wannan fanni saboda faɗin ganyenta. Wannan ya sa masu binciken cibiyar IITA a tasharsu ta Kano, ƙarƙashin B. B. Singh, suka yaɗa tsarin layi biyu na hatsi ko dawa ko masara, layi huɗu na wake, da tazarar santimita 75 tsakanin layuka, waken kuma kusa-kusa kamar santimita 20. Hikimarsa a bayyane take: wake ya sami rana, yuriya ta tafi layin masara kaɗai, maganin ƙwari ya tafi layin wake kaɗai, baɗi kuma a gusa layukan, masara ta hau inda wake ya kwana. Wannan na ƙarshe shi ne jigon al'amarin, domin da shi gaurayen ya zama juyin shuka a cikin gona guda, kuma gwaje-gwajen Sadore sun sha nuna cewa hatsin da ya biyo bayan wake ya fi wanda ya biyo bayan hatsi.

Masu suka suna da tasu hujja, ba kuwa ƙarama ba. Magidancin da rumbunsa ba ya kai shi Yuli ba zai yarda ya ba wake kashi biyu cikin uku na gonarsa ba, wake mai yawa kuma yana kiran darɓa da tsutsar fure, idan babu feshi sau biyu ko uku sai a tashi da ganye zalla. An kuma gina tsarin ne a ƙasar Kano, inda ruwa ya ninka na Afala. A nan tilas a buɗa tazara, kuma layi biyu da biyu ya fi kusa da abin da talaka zai iya ɗauka. A fadamar ban ruwa ne tsarin yake zama kusan yadda aka tsara shi, da sharaɗin kada a shuka waken cikin tsananin sanyin Disamba, lokacin da yake tsugunawa ba ya girma.

Zaɓen iri ma yana shiga lissafin. Waken gargajiya mai yaɗo yana jiran rana ta gajarta kafin ya yi fure, wanda a arewacin Adar yakan zo bayan ruwa ya ɗauke. Yana ba da harawa da yawa, saboda haka ya fi barin abu a ƙasa, amma ƙwayarsa caca ce. Ire-iren da suke nuna da wuri, kamar IT90K-372-1-2, suna tsira da ƙwaya, sai dai mafi yawan naitirojinsu yana fita cikin buhu. Irin su TN5-78 na INRAN suna tsakani, ƙwaya da harawa. Inda ƙudujin wake ya yi katutu, IT97K-499-35 an san shi da juriya. Kuma ya kamata a sani cewa ƙudujin da yake kama wake dabam yake da wanda yake kama hatsi da masara, har wasu ire-iren wake sukan sa ƙwayar na hatsin ta tsiro ta mutu don ba ta sami abin maƙalewa ba.

Abin da za a iya tsammani

A shekarar farko, kada mai gona ya sa ran masara ko hatsi su ƙaru. Mai yiwuwa ma su ɗan ragu, tun da an rage musu fili, ribarsa ta bana tana cikin wake da harawa. A shekara ta biyu, idan an sa fosfat, an bar saiwa, an mayar da takin turke, an kuma gusa layi, sai a duba bambancin kore tsakanin inda wake ya kwana da inda bai kwana ba. Hanya mafi sauƙi ta tahƙiƙi ita ce a bar layuka kaɗan a gefe guda a kan tsohon tsari, a kafa musu alama da duwatsu, a yi musu noma da maimai rana ɗaya da sauran, sa'an nan da kaka a ɗaure dammansu dabam a ƙirga, ko a auna tsabar da tiya. Ga mai masarar fadama kuwa, gwajin shi ne ya rage kashi ɗaya cikin huɗu na yuriyar da ya saba sawa a layukan da suka gaji wake, ya lura da ganyen ƙasa lokacin da masara ta kai gwiwa da lokacin da ta fitar da geza. Idan ɗorawa ta bayyana, ya cika abin da ya rage nan take, idan ba ta bayyana ba, baɗi ya ƙara ragewa kaɗan.